Darasin Zaizayar Ƙasa: Daga Indararon Makaranta Zuwa Bakin Kwari

A garin Gombe akwai unguwannin da in hadari ya haɗo daga gabas da dare, mai gida ba ya runtsawa. Hankalinsa yana kan kwarin da ke bayan katangarsa, wanda kowace damina yake ƙara matsowa. Garin yana zaune ne a gindin tudun Akko, a kan ƙasa mai yashi mai saurin zubewa. Tun da ya zama babban birnin jiha a 1996 aka yi ta sare itatuwa ana gine-gine, rufin kwano da kwalta suka maye gurbin daji, ruwan da a da yake nutsewa cikin ƙasa ya koma gangarowa gaba ɗaya cikin gari. Mutanen Bulbula da Gayawa a Kano sun san irin wannan zaman ɗar-ɗar, haka ma mutanen Nanka da Agulu a jihar Anambra, inda kwazazzabai suka haɗiye gonaki da gidaje.

Gyaran irin wannan ɓarna ba ƙananan kuɗi yake ci ba. A 2012 Bankin Duniya ya amince wa Najeriya da bashin dala miliyan 500 don yaƙi da zaizayar ƙasa, a ƙarshen 2021 kuma ya amince da wasu dala miliyan 700 don farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Amma duk kwarin da ake kai wa manyan motocin haƙa da siminti, akwai lokacin da yaro zai iya tsallake shi da taku ɗaya. A wancan lokacin babu wanda ya tanka, domin ba a koya wa kowa gane alamar ba.

Littattafan aikin gona da na labarin ƙasa a makarantunmu duk suna da babi a kan zaizayar ƙasa. Abin takaici shi ne yadda aka saba koyar da shi. Malami ya rubuta dalilai biyar da illoli biyar a allo, yara su kwafe su haddace, a tashi. Suna fita daga aji sai su tsallake zaizayar da kanta a bakin ƙofa ba tare da sun san ita ce aka gama karanta musu ba. Darasin da ya amsa sunansa yana da ɓangare biyu: ɗan bayani da gwaji a aji, sannan fita waje da igiya da rula a bi sawun ruwa.

Abin da ɗigon ruwa yake yi

Yawancin mutane in aka ce zaizaya, ambaliya suke hangowa. Aikin kuwa tun daga ɗigo yake farawa. Babban ɗigon ruwan sama yana faɗowa da gudun da ya kai kusan mita 9 a daƙiƙa, wato sama da kilomita 30 a sa'a. In ya sauka a kan ganye ko karan da aka bari a gona, ƙarfinsa ya mutu a nan, ruwan ya zurara a hankali. In kuwa ya tarar da ƙasa tsirara, sai ya farfasa dunƙulenta, ya watsa ƙwayoyin sama har wajen rabin mita, gefe kuma fiye da mita guda. Duk wanda ya taɓa ganin gindin farar katanga ya yi ja bayan ruwa, ko ganyen wake na ƙasa-ƙasa ya yi buɗu-buɗu da yashi, ya ga wannan aiki da idonsa.

Ɓarna ta biyu ta fi wannan, ga shi ba a ganinta. Ƙananan ƙwayoyin da ɗigo ya farfasa suna komawa su toshe 'yan ƙofofin da ruwa ke bi ya shiga ƙasa. In rana ta fito sai wurin ya yi ɓawo mai tauri. Ruwa na gaba da zai zo ba zai sami hanyar nutsewa ba, sai ya kwanta a sama ya fara neman gangare, yana tafe yana ɗauke da ƙasar da aka riga aka kwance masa.

Malami zai iya nuna wannan cikin minti goma da robobin ruwa uku manya. A yanke gefen kowace a tsaye ta zama kamar kwami, a cika su da ƙasa iri ɗaya. Ta farko a bar ta tsirara, ta biyu a rufe ta da busasshen ganye da guntayen kara, ta uku a sa mata ƙasar da aka yanko da ciyawarta da saiwoyinta. A jingina su a kan katako guda domin karkatarsu ta zama ɗaya, a rataya kofi a bakin kowace, sannan a yayyafa musu ruwa daidai wa daida ta gwangwanin da aka huda wa gindi. Kofin farko zai cika da wuri da jan ruwa. Na biyu zai yi jinkiri, ruwansa da ɗan dama-dama. Na uku sai an jira, abin da zai fito kuma kusan garau.

Gwajin yakan lalace ta hanya biyu. Ko dai a kwarara ruwan da buta wuri guda, ya haƙa rami a dukkan robobin, ko kuma wata ƙasar ta kasance a jiƙe wata a bushe tun farko. In sakamako ya fito a birkice, kada malami ya yi saurin gyarawa da baki. Ya tambayi yara me aka yi wa wannan da ba a yi wa waccan ba. Yaron da ya gano cewa an fi karkata roba ta biyu ya riga ya koyi tasirin gangare kafin a zo kansa.

Lokacin fita

A ƙasar Hausa, zangon karatu na uku ne ya fi dacewa, daga Mayu zuwa farkon Yuli. Ruwan farko shi ya fi kowanne ɓarna. Watanni shida ko bakwai an yi ba ruwa, an kwashe kara don danni da girki, an ɗaure harawa an ɗora a rufi, dabbobi sun lashe abin da ya rage, manomi kuma ya yi sharar gona ya ƙone. Ƙasa ba ta da sutura ko kaɗan a daidai lokacin da ruwa ke zuwa da iska da ƙarfi. Safiyar da ta biyo bayan irin wannan ruwa, kafin ƙafafu su tattake wurin, ita ce ranar darasi.

Kayan aikin ba su da tsada: igiya mai tsawon mita 10 da aka ƙulla a kowace mita, rula, 'yan turaku, kwalba mai murfi, da siririn tiyo mai haske irin wanda magina ke cika wa ruwa su daidaita gini. A raba aji rukuni-rukuni, mutum biyar ko shida. Kowane rukuni ya ja layi a takarda ya yi gida huɗu: ina ne wurin, me aka gani, nawa ne awonsa, daga ina ruwan ya fito kuma ina ya nufa. Doka guda ce mai tsauri, ita ce a rubuta abin da ido ya gani kafin a rubuta abin da aka zata. "Akwai zaizaya" ba amsa ba ce. "Saiwar darbejiya ta fito waje da tsawon yatsa, ƙasar da ke ƙarƙashinta ja ce mai tauri," wannan ita ce amsa.

Tasha ta farko tana bakin aji, ƙarƙashin rufi. A ɗauki misalin ginin azuzuwa mai tsawon mita 30 da faɗin mita 8. Faɗin rufinsa murabba'in mita 240 ke nan. Kowace milimita ɗaya ta ruwan sama tana zuba lita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya, don haka ruwan dare guda mai milimita 40, wanda ba baƙon abu ba ne a damina, zai sauko da lita 9,600 daga wannan rufi kaɗai. Jarka 384 ke nan mai cin lita 25. A bar yara su yi lissafin da kansu, domin in suka ga adadin sukan yi shiru su ɗaga kai su dubi kwanon. Ko ɗigo ɗaya ba ya nutsewa a rufi. Duka yana sauka ne a siririn layi a gindin gini, ko kuma wuri guda in akwai indararo. A nan za a ga ɗan rami dogo mai tsakuwa zalla a cikinsa, an wanke yashin an tafi da shi. A duba harsashin ginin kuma. Inda shafen siminti ya ƙare, nan ne fuskar ƙasa take ranar da aka gama gini, tazarar da ke tsakaninsa da ƙasar yau ita ce abin da aka rasa.

Daga nan sai a bi ruwan. Yakan bar sawu: tarkacen ciyawa da leda da suka maƙale a gefe ɗaya na dutse, da yashi mai laushi da ya kwanta layi-layi.

A filin da babu ciyawa, yara su durƙusa su duba da kyau. Za su ga ƙananan tsakuwoyi da guntayen kasko kowanne a zaune a kan ɗan ginshiƙin ƙasa. Tsakuwar ce ta kare abin da ke ƙarƙashinta daga dukan ruwa, na kewaye kuwa ya tafi. Tsawon ginshiƙin shi ne kaurin ƙasar da aka kwashe kwanan nan. A auna goma ko fiye a wurare daban-daban, a haɗa a raba, kada a zaɓi mafi tsawo kaɗai, wanda shi ne abin da yara suka fi son yi.

Wannan ita ce zaizayar da ta fi cin manomi, kuma ita ce ba a kawo wa hukuma ƙara a kanta, saboda ba ta barin rami. Tana feƙe saman gona ne gaba ɗaya, kaɗan-kaɗan. Lissafinta yana da ban tsoro. Milimita ɗaya, wato kaurin da bai wuce na farce ba sosai, in aka cire ta daga hekta guda, ƙasar da ta tafi za ta kai tan 14 zuwa 15, kimanin buhu 150 mai kilo 100. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce samuwar santimita 2 zuwa 3 na ƙasar noma kan iya ɗaukar shekara 1,000. A bisa wannan ƙiyasi, milimita ɗayar nan aikin sama da shekara 30 ce, ruwan damina guda kuma yana iya kwashe ta har da ƙari.

Saiwoyin itatuwa suna ba da labarin da ya fi wannan tsawo. In an san shekarar da aka dasa darbejiyar makaranta, a ce shekara 10 da suka wuce, aka kuma tarar da wuyan saiwarta ya ɗara ƙasa da santimita 6, to ana rasa kimanin milimita 6 a shekara a gindinta. Sai dai malami ya ja kunnen yara kada su ɗauki wannan adadi su shimfiɗa shi a kan filin duka. Saiwa tana ƙara kauri tana turowa sama, gindin itace kuma nan ake taruwa ana tattakewa. Akwai ma wani mai laifin da ba a cika ambata ba, wato tsintsiya. Sharar da yara ke yi kowace safiya tana kwashe ƙasa mai laushi tare da ganyen da ya kamata ya rufe ta, shekara da shekaru. Filin makaranta da aka share ƙal yana da kyan gani, amma shi ne wurin da ruwa ya fi samun yadda yake so.

Inda ruwa ya haɗu

Ana gangarawa za a iske inda shimfiɗaɗɗen ruwan ya tattaru ya fara yanka 'yan hanyoyi. Galibi ba da ka yake zaɓar wurin ba. Hanyar ƙafa ce, ko sawun tayar amalanke, ko burtalin da shanu suka daddaɓe, ko kwarin kunyar da aka yi huɗarta tana kallon gangare. A nan tiyo zai yi amfani. Yaro ɗaya ya riƙe baki ɗaya a sama, wani ya riƙe ɗayan a nisan mita 10 a ƙasa, a auna tsawon ruwan daga ƙasa a kowane ɓangare. In bambancin santimita 30 ne, gangaren kashi 3 cikin 100 ne. Ido zai ce wurin a shimfiɗe yake, amma ya isa. Ruwa yana ƙara gudu in gangare ya ƙaru ko ya yi tsawo, kuma in gudunsa ya ninka sau biyu, ƙarfin da yake ɗauke da shi yana ninkawa sau huɗu.

Rukuni ya zaɓi hanyar ruwa ɗaya ya auna ta. A ce tsawonta mita 20, faɗinta santimita 30, zurfinta santimita 15, gefunanta a tsaye. A mayar da komai mita a ninka: 20 sau 0.3 sau 0.15, ya ba da 0.9, kusan ɗaki mai mita ɗaya ta kowace fuska cike da ƙasa. Nauyinta ya haura tan ɗaya. In ramin mai tsukakken gindi ne, faɗi a sama tsini a ƙasa, sai a raba amsar biyu. Faɗi da zurfi kuma a auna su a wuri uku ko huɗu, don ba ɗaya suke daga farko zuwa ƙarshe ba.

Masana suna raba ƙaramar hanyar ruwa da kwari da ma'auni mai sauƙi. Wadda garma za ta iya shafewa a huɗa ɗaya ƙarama ce. In ta zarce kimanin santimita 30 a zurfi har garmar shanu ba ta iya tsallakawa, ta zama kwari. Haɗarin ƙaramar shi ne sauƙin shafe ta. Manomi ya bi ta kai da garma, gona ta koma sumul, ya ɗauka an gama, alhali ƙasar da ya cike ramin da ita daga gefe ya jawo ta, baɗi kuma ruwa zai sake bin wurin.

Kafin a kai ga kwari, a tsai da yara a yi musu gargaɗi da babbar murya. Ba a tsayawa a leɓen kwari, domin sau da yawa ƙarƙashinsa rami ne. Ba a shiga ciki in akwai hadari ko da a nesa ne, saboda ruwan da aka yi a tudu yana iya isowa alhali ko yayyafi ba a yi a wurin ba. Ba a zura hannu a ramuka, don maciji da kunama. In kwarin a gonar wani yake ko a cikin unguwa, a nemi izinin mai gona ko mai unguwa tun jiya, zai fi kyau ma a roƙi wani dattijo ya raka su.

Abin da ya kamata kowane yaro ya koma gida da shi daga wannan tasha shi ne cewa kwari da baya yake tafiya. Ruwa yana gangarawa ƙasa, shi kuwa kan kwarin yana hawa tudu. Dalili kuwa, inda ruwa ke faɗawa daga leɓe zuwa ciki yana haƙa rami a gindin bangon, yana cin ƙasa mai laushi ta ƙasa har ta saman ta rasa abin da zai riƙe ta, ta zabtare. Sabon leɓe ya samu a bayan na da, aikin ya sake farawa. Daga gefe, a nesa kaɗan, yara za su iya ganin alamun kwari mai rai: bango a tsaye mai sabon launi, dunƙulen ƙasa da suka faɗo da ciyawarsu a kai, da tsagewa a ƙasa taku ɗaya ko biyu bayan leɓe, wadda ke nuna yankin da zai faɗa nan gaba. Kwarin da ya mutu kuwa gefunansa sun kwanta, ciyawa da sabara sun kama su.

A nan dattijon da ya rako su zai yi rana. A bar yara su tambaye shi: "Baba, a ina kan kwarin nan yake lokacin da kuke yara? Me aka yi a sama kafin ya fara?" Amsar kusan kullum tana nuna tudu. An yi sabuwar hanya aka sa kwalbati aka saki bakinsa a fili ba tare da an shimfiɗa duwatsu ba. An yanka filaye an yi gidaje. An sare kurmin da ke can sama. Ko kuma a ƙasa, masu tifa sun yi ta ɗibar yashi a rafi har gindinsa ya zurfafa, duk ƙoramun da ke zuba a cikinsa suka fara yankar ƙasa suna bin sa. Yaron da ya auna rufin ajinsu da safe ba zai sha wahalar gane abin da rufi ɗari biyar za su yi ba.

Ina ƙasar ta tafi?

Tasha ta ƙarshe ita ce inda gangare ya ƙare, ruwa ya rage gudu ya sauke kayansa. Za a ga yashi fari ya bazu a bakin lambatu ko a gefen fadama. A ɗebi ƙasa daga nan a kwalba ɗaya, a ɗebo ta gonar da ke da ciyawa a wata, a cika su da ruwa a girgiza a ajiye a tagar aji. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya ko biyu, ƙasa mai laushi cikin 'yan sa'o'i, laka kuwa sai ta kwana ɗaya ko biyu ruwan bai washe ba. Kwalbar bakin lambatu za ta fito kusan yashi zalla.

Wannan kwalba ce ke bayyana illar da ta fi kowace girma. Ruwa ba ya ɗiba da adalci. Abin da ya fi sauƙin ɗauka ya kuma fi nisa da shi shi ne laka da ruɓaɓɓen ganye, su ne kuwa ke riƙe danshi da abincin shuka. Abin da ya bar wa gonar tudu tsakuwa ce da yashi mai gautsi, in abin ya yi nisa sai fako, wanda ko ciyawa ba ta son sa. Manoman kewayen Kano sun shahara tun da daɗewa da jigilar taki daga birni a kan jakuna don su riƙe ƙarfin gonakinsu. Wannan takin da aka sha wahalar kawowa, da na zamani da aka saya da tsada aka watsa a sama, su ne farkon abin da ruwa ke tafiya da shi daga gonar da ba ta da kariya. Shi ya sa manomi zai ce gona ta gaji, ya ƙara buhu, amfanin bai ƙaru ba.

Wanda ke ƙasa ma bai tsira ba. Yashin yana binne laka mai albarka ta fadama, yana cike lambatu da kwalbati har ruwa ya rasa hanya ya faɗa gidaje, yana kuma kwanciya a gindin madatsun ruwa yana rage abin da za su iya tarawa don noman rani.

Makarantun da ke can arewa, wajen Daura, Gumel, Maraɗi ko Damagaram, inda ƙasa jigawa ce, sai su ƙara tasha ɗaya ta iska. Guguwar da ke gabatar hadari a farkon damina tana tsallen da yashi kusa da ƙasa, yana dukan sabon tsiron gero yana ƙona shi ko ya binne shi, har a sake shuka. Alamarta ita ce yashin da ya taru a gindin danni da kalgo, da kwarin kunya da ya cike. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa a Nijar, tun 1975 aka fara dasa layukan darbejiya a tsakanin gonaki don tare wannan iska, kuma ƙa'idar da aka sani ita ce layin itatuwa yana kare fili mai nisan kimanin ninki goma na tsawonsa.

In an koma aji, kowane rukuni ya zana taswirar tafiyar a allo, daga rufi zuwa inda yashi ya kwanta, da kibiyoyi da adadin da ya auna. Sannan a yi tambayar da ta fi wuya: a wane wuri ne gyara zai fi sauƙi? Yara da yawa za su nuna kwarin, don shi ya fi ba su tsoro. Manya ma haka suke yi, shi ya sa ake jibga shara da buhunan yashi a bakinsa. Shara ba ta riƙe ƙasa, ruwa yana ratsa ta ko ya kewaye ta ya buɗe sabon baki a gefe, ga ƙazantar da yake kai wa na ƙasa. Muddin yawan ruwan da ke isowa bai ragu ba, abin da aka tare a nan zai ɓulle a can. Gyaran da makaranta za ta iya yana sama: a tara ruwan rufi a tanki ko a zuba tsakuwa inda yake sauka, a jera duwatsu a gicciye da gangare bisa layin da tiyo ya nuna, a dasa gamba ko jema a bayansu, a daina share ganye a gindin itatuwa. Babban kwari mai zurfin da ya fi tsawon mutum aikin injiniyoyi ne, abin da ajin zai yi a kansa shi ne ya rubuta awonsa ya kai wa mai unguwa da ƙaramar hukuma.

Aiki ɗaya ya rage, kuma ba ya ƙarewa a rana guda. Kafin a tafi dogon hutu, malami da manyan ɗalibai su kafa turke biyu a bayan kan kwarin, a layi ɗaya da shi, na farko a nisan mita 5, na biyu a mita 10, a rubuta ranar. Biyu ake kafawa don kwarin yana iya cinye na farko. Kada a yi amfani da ƙarfe, 'yan gwangwan za su tuge shi kafin mako ya zagayo. Turken itace da aka buga ya kusa shafewa da ƙasa ya fi daɗewa, ko kuma a auna daga abin da ba ya motsi, kamar kusurwar gini ko sandar lantarki. Ruwan Agusta zai zo yara suna gida. In aka dawo a Satumba aka tarar da tazarar turken farko ta koma mita 3 da rabi, kwarin ya ci mita ɗaya da rabi a damina guda. In katangar makaranta tana nisan mita 12 daga sabon leɓen, yaran da kansu za su raba su ga cewa damina takwas ce ta rage, in ba a ƙara ko rufi ɗaya a tudu ba.